Ɗaya a Sati

Gilashi na biyu ke nan da Dogo ya yanka ba daidai ba cikin sati ɗaya. Maigidan shagon ya ɗora ma'auni a kai.

"Dogo, idonka biyu kuwa?"

"Biyu, maigida."

"Biyu, amma jajaye. In ka ɓata na uku, sai wayarka ta riƙa biyanka albashi."

Wayar kuwa ko sisi ba ta taɓa kawowa ba. Bidiyon gyaran kayan gida yake ɗorawa a intanet, su fanka, su dutsen guga. Da can yana da bidiyo biyar a ajiye, shiryayyu. Sai ɗaya ya samu 'yan kallo, daɗi ya kwashe shi, ya saki sauran a jere, har da alkawarin sabo kullum. Tun daga nan shi da barci sai hange.

Ranar hutunsa yayarsa ta leƙo ɗakin, ta tarar da shi tsakanin fankoki biyu a kwance, waya jingine da kofi.

"Sannu, tauraro. An ce aikinka na rawa."

Bai ɗago ba.

"Wai bidiyon minti shida ne ke neman cinye ka?"

"Ɗauka ba komai ba ce, Yaya. Yankewa ce, da gyaran murya, da rubutu, da hoton gaba. Kowane ɗaya sai ya ci min yamma biyu."

"Yamma biyu sau bakwai. Kai satin naka daga ina aka kawo maka shi?"

Lissafin ya sani. Dubawa ce ba ya so.

"Uku a sati fa?" ya ce.

"Ranar da aka tsare ka zuwa ɗaura taga fa? Ranar zazzaɓi fa?"

"In na koma ɗaya, 'yan kallo guduwa za su yi."

"Su gudu. Su ke biyan hayar ɗakin nan?"

Da ta fita ya jawo fitila, ya ɗauki bidiyo uku a zama ɗaya, yana sauya riga tsakani. A farkon na farko ya faɗa a gajarce: daga yau ɗaya a sati, ranar Laraba. Sati biyu bai saki komai ba, sai da ukun suka kammala. Ya ɗora su, ya sa wa kowanne ranar da zai fita da kansa. Hannunsa na ƙaiƙayin son ya sake su duka. Ya kife wayar.

Wasu sun gudu ɗin. Wani ma ya rubuta, "Ashe rago ne." Wannan maganar ta kwana biyu tana cin sa.

Wata Laraba da la'asar maigida ya ce akwai tagogin wani bene, sai an yi yamma sosai.

"Ko 'yan kallonka na jira?"

"Bidiyon zai fita da kansa."

Maigida ya dube shi, ya dubi gilashin da Dogo ya gama yankawa, ya ɗora ma'auni, ya ga daidai.

"To ɗauko ɗaya gefen. A hankali."