Layin Takalmi a Takardar Malam Hamman

Layi ɗaya ne a takardar gwaji ya raba Malam Hamman da aikinsa. Ba a fasa kwalba ba, ba wanda ya ji rauni.

Ni ne Mudi, mai kula da ɗakin kimiyya a makarantarmu ta kusa da Bebeji, wadda aka ɗaga daga midil zuwa sakandare a shekarun nan. Aikina wanke kwalabe, ɗebo ruwa, goge tebura da juya injin gurza takarda. Kafin nan na yi haƙar kuza a Riruwai har bayana ya ce ya gaji. Malam Hamman kuwa saurayi ne, ɗan Fulanin wajen Doguwa, siriri kamar sillen kara, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai. Na gwaji aka ɗauke shi. In shekara ta cika hedimasta ya sa masa hannu, ya zauna. In bai sa ba, hukumar En'e ta tura shi inda ta ga dama.

Aka aiko cewa Wakilin Makarantu na En'e zai zo ya ga sabon ɗakin kimiyya yana aiki. Hedimasta, Malam Shitu, ya ce wa Hamman ya shirya gwajin da baƙo zai gani da idonsa ya gane. Hamman ya zaɓi awon densiti.

"Mene ne kuma densiti?" na tambaye shi.

"Baba Mudi, in na ba ka dutsen kuza da dutsen niƙa masu girma ɗaya, wanne ya fi nauyi?"

"Kai ma ka sani. Kuza mana."

"To shi ke nan. Nauyin abu gwargwadon girmansa. Mu dai lamba za mu sa masa."

Ya zauna a ƙarshen tebur yana rubuta takardar da Turanci, yana fassara mini da Hausa don in san abin da zan jera. Kowane rukuni sikeli ɗaya, kwalbar awo ɗaya mai zane-zanen lamba a jikinta, zare, tsumma, da duwatsu biyu. A fara auna dutse a sikeli tun yana busasshe, don in ya jiƙe an haɗa da nauyin ruwa. Ƙananan ma'aunan sikeli da hantsaki ake ɗaukarsu, ba da yatsa ba. A zuba ruwa a kwalba, a bar ta a kan tebur, yaro ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, ya karanta daga ƙasan lanƙwasar. A ɗaure dutse da zare, a sauke shi a hankali har ruwa ya rufe shi, ba kumfa a jikinsa. A sake karantawa. Abin da ruwa ya ƙaru, shi ne girman dutsen. A raba nauyi da girma. A yi sau uku.

Muka gwada da kanmu. Wani guntun kuza da na ajiye tun Riruwai ya ba da giram tamanin da huɗu. Ruwa ya tashi daga hamsin zuwa sittin da biyu. Hamman ya raba da sha biyu, ya ce bakwai. Dutsen niƙa bai kai uku ba.

Sai ya ja layi a ƙasan takardar ya fara gargaɗi. Kada a saki dutse ya faɗa kwalba, gindinta zai ɓalle. A ajiye kwalba nesa da bakin tebur. Ruwan da ya zuba a ƙasa a goge nan take. In gilas ya fashe kada a taɓa da hannu, a kira Mudi da tsintsiya. Duk na yarda. Ya karanta na biyar.

"Ba mai cire takalmi a ɗakin nan. Wanda ke riƙe da zare ko kwalba ba zai saki ya durƙusa gaisuwa ba, ko wa ya shigo, sai ya gama ya ajiye."

Na ce, "Ko wa?"

"Ko wa."

"Malam, ka san wanda zai zo kuwa?"

"Ka manta yaron nan na zangon da ya wuce? Limamin makaranta kawai ya leƙo, ya saki kwalba ta fashe, ya tuɓe takalmi ya taka. Wa ya riƙe ƙafarsa ana zaro gilas?"

Ni ne na riƙe. Sauran kwalaben awonmu huɗu, kuma in an fasa sai an jira jirgin ruwa daga Ingila. Duk na san wannan. Amma na ce masa gargaɗi huɗu sun isa, na biyar ya faɗa wa yara da baki. Ya ce abin da aka faɗa da baki, da rawani ya shigo ya bi iska.

Doka ce hedimasta ya ga kowace takarda kafin a gurza. Na bi Hamman ofis ɗauke da kwalin takardu. Malam Shitu ba mugu ba ne. Dattijo ne da ya ga malamai da yawa sun zo sun tafi. Ya karanta yana kaɗa kai har ya kai ƙasa, sai kan ya tsaya.

"Hamman, a nan sama ka ce yaro ya sunkuya ya dubi ruwa."

"E, ranka ya daɗe."

"A nan ƙasa ka ce kada ya durƙusa wa Wakili. Wato ruwan rijiya ya samu abin da Wakili bai samu ba."

"Ranka ya daɗe, minti ɗaya ne. In ya ajiye kwalba ya gaishe shi yadda ya so. Takalmin ne dai..."

"Ka san da ƙyar hakimai suka ba mu yaran nan? Abin da iyayensu ke faɗa ke nan, boko na cire wa yaro kunya. Kai kuma za ka rubuta musu shaida, ka gurza kwafi talatin."

"In yaro ya taka gilas a gabansa fa?"

"Sai mu ce tsautsayi. Tsautsayi ba ya korar malami." Ya ɗauki jan alƙalami ya soke layin. "Ina son in sa maka hannu a ƙarshen shekara, ɗana. Kada ka hana ni."

Da Hamman ya kawo mini takardar kakin da ya buga a tafireta, na ɗaga ta a hasken taga. Ba na karanta Turanci, amma ina ƙirga layi. Biyar ne.

"Malam, jan alƙalamin bai kama ba ne?"

"Gurza, Baba Mudi. Sunana ne a ƙasa, ba naka ba."

"Taurin kai irin na mai shanu."

"Naka fa, na mai diga?"

Na gurza. Ba aikina ne in soke rubutun malami ba, ba kuma aikina ne in kai ƙara ofis ba.

Ranar, da hantsi, 'yan aji biyu suka shigo da takalmansu don su fara gwadawa kafin baƙo ya iso. Hamman ya sa suka karanta gargaɗin da ƙarfi, ya sa suka maimaita na biyar. Wasu suka dubi juna. Ubale, wani dogon yaro ɗan dagacin wani ƙauye a ƙasar Kiru, ya ɗaga hannu.

"Malam, Wakili ne ya je har gidanmu ya karɓo ni daga hannun babana."

"Na sani. Ka gama, ka ajiye, ka gaishe shi."

An ce sai bayan azahar baƙon zai iso, Malam Shitu kuma ya ce zai zagayo kafin nan. Ina fatan ya zo ya ga takardar ya yi faɗansa a cikin gida. Sai muka ji mota tun rana ba ta kai tsaka ba. Rukuni huɗu duk sun auna duwatsu, sun karanta ruwan farko, zare na hannu.

Dogari ya fara shigowa ya tsaya gefe. Sai Wakili, babban mutum, rawani fari, Malam Shitu a bayansa ba takalmi. Ni dai na tuɓe nawa na durƙusa inda nake, kusa da bokiti. Ni ba ɗan makaranta ba ne.

Wani yaro a baya ya fara zare ƙafa daga takalmi.

"Takalmi," in ji Hamman, ba da ƙarfi ba. Ƙafar ta koma.

Ubale ne a teburin gaba, taku uku daga Wakili. Kuzar na lilo a cikin kwalba, ba ta taɓa ruwa ba tukuna. Dutsen na ƙwanƙwasa gilas, ƙas, ƙas. Gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa da kansu. Dogari ya zare masa ido ya ce, "Kai!"

"A hankali, Ubale," in ji Hamman. "Har ruwa ya rufe shi."

Yaron ya sauke. Ya sunkuya, ya ba Wakili gefen fuska, ya karanta lamba, ya jawo dutsen ya ɗora a tsumma. Sannan ya zube ƙasa ya yi gaisuwa, takalmi a ƙafa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa sai da ya ajiye. Hamman ya rusuna ya yi barka da zuwa, shi ma da takalminsa.

Wakili bai amsa wa kowa ba. Ya miƙa hannu, dogari ya ɗauko takarda daga tebur ya ba shi. Ya iya Turanci, tsohon ɗan midil ne. Ya karanta tun daga sama, bai yi sauri ba. Na ga idon Malam Shitu ya sauka ƙasan takardar ta bayan kafaɗarsa.

"Nawa ka samu?" Wakili ya tambayi Ubale.

"Ba... bakwai, ranka ya daɗe. In an raba."

"Daidai ne, Malam?"

"Daidai ne, ranka ya daɗe," in ji Hamman.

"Madalla. Aiki ya yi kyau." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Malam Shitu, kai ka ga wannan kafin a buga?"

Malam Shitu ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Na soke layin ƙarshe."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya juya, suka tafi duba ɗakin kwana.

Da yamma Malam Shitu ya zo ɗakin kimiyya da kansa, abin da bai saba ba. Ina shanya kwalabe, huɗu cif. Bai ɗaga murya ba.

"Da ka bar ni na gani da safe, da na san yadda zan tare shi a ƙofa in yi masa bayani. Ka sa na tsaya a bayansa kamar baƙo a makarantata."

"Da ka gani da ka hana, ranka ya daɗe."

"Da na hana." Ya dubi kwalaben. "Ba zan iya sa maka hannu ba. Ko na sa, ba za ta wuce teburinsa ba."

Hamman bai kai ƙarshen shekara ba. Kafin hutu aka tura shi elementare a Ɗansoshiya, aji ɗaya, yana koya wa yara a, ba, ca a ƙarƙashin rumfar kara. Na raka shi bakin hanya da akwatinsa a kaina, ya hau bayan motar gyaɗa. Bai sake koyar da kimiyya ba.