Injin Casar Harisu

Shekara biyu ke nan da Harisu, mai sayar da wake a Kankia, ya sayi tsohon injin casa. Shawarar ba ta da laifi a ido: da kaka ya ja shi zuwa ƙauyukan Boko da Dudunni, ya casa wa manoma gero da dawa, su biya shi. Sai dai injin nan, in ya yi aikin kwana uku sai ya kwanta kwana biyar. An canza bel, an canza fiston, an canza wani abu da shi kansa Harisu bai san sunansa ba. Dubu ɗari tara ya zuba, har da kuɗin saye.

Yanzu kuma Dauda makaniki ya ce sai an sa dubu ɗari uku.

Dubu ɗari ukun nan kuwa su ne suka rage masa na jarin wake. Da kaka ake sayen wake da araha a ajiye zuwa bazara, kuma da ribar nan gidansa ke ci. In ya ba Dauda, bana babu wake.

"Malam, in ya tashi nawa yake kawowa a yini?" in ji matarsa Fiddausi, tana tankaɗe.

"In an cire mai da 'yan aiki, dubu takwas."

"Casar saura kwana nawa?"

"Kamar ashirin."

"Dubu ɗari da sittin ke nan. Dauda ya ce zai kai baɗi?"

"Ya ce... sai yadda Allah ya yi."

Fiddausi ta kalle shi, ta ci gaba da tankaɗe. Shi kuwa ransa ya ɓaci, ba don lissafin ya kuskure ba. Ai ya ji lissafin. To amma dubu ɗari tara fa? Ga mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taya injin dubu ɗari da hamsin. In ya sallama, ai ya zubar da ɗari taran nan da hannunsa. In ya gyara, suna nan cikin injin, ba su tafi ba. Ko sun tafi? In sun tafi, yaushe? Kansa ya ɗau zafi. Ya cusa kuɗin a aljihu, ya hau babur.

Injin na can Dudunni inda ya mace, a gonar abokinsa Kabo. Dauda zai same shi a can bayan azahar. Harisu ya tarar da Kabo zaune a kan buhunan wake, fuska a murtuke.

"Ranka ya daɗe, mai inji!" in ji Kabo. "Zo ka kwashe gawarka, awaki sun fara kwana a ƙarƙashinta. Ko ko ka zo sayen wake?"

Harisu ya duƙa ya damƙi waken don sabo, ya murza, ya faɗi farashin da ake yi a kasuwa.

"Haba Harisu! Ka san abin da na kashe a gonar ga? Feshi huɗu na yi, ga 'yan noma. Wallahi a haka ban mai da kuɗina ba."

"To mi ya shafi waken da feshinka?" in ji Harisu, yana dariya. "Kuɗin feshi sun tafi tun damina, ka sayar ko ka ajiye ba za su dawo ba. Abin da za ka duba shi ne, yau nawa za ka samu, in ka jira kuma nawa za ka..."

Bai ƙarasa ba. Kabo na kallon injin, shi ma sai ya juya ya kalle shi.

"Ƙarasa mana, malamin lissafi."

"Ai wannan daban ne."

"Da mi?"

Harisu ya buɗe baki. Ya so ya ce wake wake ne, inji kuwa inji ne, amma ko a kunnensa maganar ba ta zauna ba. Ya zagaya injin sau biyu, ya shafa sabon bel ɗin da ya saya watan jiya. Dubu goma sha takwas. Har yanzu yana ƙamshin roba.

Da Dauda ya iso da jakar sifanoninsa, sai ya tarar ana ɗora wa amalanke buhu huɗu na waken da Harisu ya saya. Harisu ya ba shi kuɗin mai, ya ba shi haƙuri, ya ce ya turo masa mai ƙarafan nan gobe. Sannan ya kwance bel ɗin ya rataya a kafaɗa, bai san abin da zai yi da shi ba.

A gida Fiddausi ta ga wake, ta ga bel, ta yi hamdala.

"Ke," in ji shi, yana zaune a bakin ƙofa. "Yau na yi asarar ko kuwa tun bara?"

"Tun bara, Malam."

"To mi ya sa yau nake jin zafinta?"

Ta miƙo masa ruwa. Ya riƙe kofin, bai sha ba, yana ƙara ƙirga buhunan. Huɗu ne dai.