Kwana Tara Tsakani

A asibitinmu Jan Biro suke ce min, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Shekara goma sha ɗaya nake riƙe da ma'ajiyar magunguna, duk kwalin da ya shigo sai na juya shi na duba ranar da wa'adinsa zai ƙare, na rubuta ta da jan biro a gefen da ido zai fara sauka. Idan ranar ta wuce ko da kwana ɗaya ne, kwalin ya tafi ɗakin baya, ba na sauraron magiyar kowa. Wani likita ya taɓa ce min magani ba ya duba kalanda. Na ce masa ni ina dubawa, shi ya sa aka ba ni makulli ba a ba shi ba.

To ni ɗin ce takardata ta mutu a hannuna ban sani ba.

Shekara biyu da suka wuce na zauna jarrabawar Turanci, wadda jami'o'in waje suke nema kafin su karɓi mutum. Kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana. Na ci ta da kyau, bakwai da rabi cikin tara. Wata jami'a ta ba ni gurbin digiri na biyu, wata gidauniya ta ɗauki nauyin karatun. Ina shirin tafiya Baba ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye. Na roƙi a ɗaga min shekara ɗaya, suka ɗaga, tare da gargaɗin cewa ba a ɗagawa sau biyu. Wata bakwai na yi ina juya shi a gado kafin Allah ya karɓi abinsa.

Na san takardar shekara biyu take yi. Na ma lissafa. A ƙasanta akwai hatimi da kwanan wata, sha tara ga Satumba, karatu kuma sha biyar ga Satumba za a fara, don haka na ce ina da rarar kwana huɗu na rufe fayil ɗina. Sai ga saƙo daga ofishin ɗaukar ɗalibai wata Talata ina tsakiyar karɓar kaya. Cikin ladabi irin nasu mai sa mutum ya ji kamar ya fasa wayar, suka ce shekara biyun daga ranar da aka zauna jarrabawa ake ƙirga ta, ba daga ranar da aka buga sakamako ba. Na zauna tawa shida ga Satumba. Ranar da za a buɗe aji, takardata ta yi kwana tara da mutuwa, su kuma ƙa'idarsu sai mai rai a wannan ranar. Sun ba ni sati uku na kawo sabuwa, in ba haka ba gurbin ya koma hannun na bayana.

Kunya ta fi kama ni kafin fushi ya zo. Ranar zaman tana nan a saman takardar ƙarara, ni kuwa idona ya saba da neman lamba a gindin kwali, can na duba. Na rubuta musu doguwar amsa, na ce Turanci ba madara ba ne da zai tsinke cikin kwana tara, ga wasiƙar nan ma da shi na rubuta ta. Suka amsa da layi biyu, sun gode, ƙa'ida ce. Na karanta na yi tsaki, don kalmar da nake faɗa wa likitoci ke nan.

Da yamma na kai maganar gida. Inna tana zaune a falo ƙarƙashin hoton takardar, don tun fitowarta Baba ya sa aka yi mata kwafi mai kala aka saka a firam kusa da agogo. Yayana ya zo hutu daga ƙasar da yake aikin walda, kuma tunda ya taɓa hawa jirgi ya ɗauka babu abin da ya shafi waje da bai sani ba. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, akwai zama ranar Asabar a nan cikin gari, na je na yi irin wadda ya yi. Na ce masa tasa ta masu neman aiki da zama a waje ce, tawa ta masu karatu. Ya ce Turanci dai Turanci ne, sunan jarrabawar ɗaya, masu shirya ta ɗaya. Na bi shi a hankali: sauraro da magana iri ɗaya ne, amma a tasa wasiƙa ake sa ka rubuta, a tawa jadawali za a ajiye maka ka yi bayaninsa, karatun ma daban ne, kuma a saman takardar ana rubuta wacce ka yi. Jami'a ko kallon tasa ba za ta yi ba. Sai ya juya maganar inda dama yake son kai ta.

“Ƙanwata, shekarunki talatin da takwas, ga aikinki a hannu. Wataƙila ba rabonki ba ne. Ki haƙura.”

“Yaya, in ba rabona ba ne zan gani a sakamako. Ba a bakinka zan ji ba.”

Inna ta ƙara masa shayi.

Washegari na je shagon Mai-fom, wanda rabin unguwarmu shi yake cike musu takardun tafiya. Shago ne mai kwamfuta uku da fanka ɗaya da take juyawa wajensa kawai. Ya duba min zaman da ya rage. Ta masu karatu da ake yi da biro a kan takarda duk ta cika, kuma ko da akwai wuri, sakamakonta kwana goma sha uku yake ɗauka, ba zai riske ni ba. Abin da ya saura kujera ɗaya ce ta kwamfuta a wani gari mai tafiyar awa shida, kwana takwas kafin wa'adina ya cika. Sakamakon ta kwamfuta yakan fito cikin kwana biyar ko ƙasa da haka. Ni kuwa da yatsa biyu nake buga rubutu, kamar kaza tana tsintar hatsi.

Ya ga fuskata, sai ya rage murya ya ce akwai hanyar da ba wahala. Wai idan na ba shi tsohuwar takardar, shida zai mayar sha shida, lamba ɗaya ce kawai, ko wanda ya buga ta ba zai gane ba. Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta ɗan shige ni, don kwana taran nan sun tsaya min a rai kuma na san ban ci amanar kowa ba da na zauna da Baba. Amma jami'a ba hoton takarda take kallo ba, lambar da ke jikinta take sakawa ta ga sakamakon daga wajen masu jarrabawar, da ranarsa da komai. Ko da ma ba sa dubawa, shekara goma sha ɗaya ina hana mutane kankare kwanan wata a jikin kwali.

“Malam, cike min ta kwamfutar. Ka juyo allon na ga ka zaɓi ta masu karatu da idona.”

Ya juyo yana gunaguni. Na sa ya karanta min lambar fasfona sau biyu, don da shaidar da ka yi rajista da ita za a bar ka ka shiga ɗakin.

Kwana goma sha biyun da suka biyo baya babu wanda ya ji daɗina a asibiti. Lokacin cin abinci sai na kulle ma'ajiya na zauna gaban tsohuwar kwamfutar ofis, na saita agogo, minti ashirin na bayanin jadawali, arba'in na dogon rubutu. Ranar farko lokaci ya cika ina rabin hanya. Babbar nas ta leƙo ta taga ta ce Jan Biro ta koma aji ɗaya. Na ce mata e, kuma safar hannun da ta zo nema sai na tashi daga aji.

Ranar jarrabawa aka karɓe waya da agogo, aka ɗauki hotona, aka zaunar da ni tsakanin yara biyu da yatsunsu ke gudu a kan madannan kwamfuta tun kafin na gama gyara abin kunne. Sauraro da karatu sun zo min da sauƙi. A rubutu ne na ji jiki: jimlar ƙarshe ina buga ta lokaci yana ƙarewa, ban samu na koma na duba ko layi ɗaya ba. Da aka zo magana, matar da ke gwada ni ta ba ni kati, na yi bayanin wani lokaci da na canja shirina saboda wani. Na yi minti biyu ina ba ta labarin Baba.

Jami'a shida da rabi take nema, kuma kada wani kashi ya gaza shida. Kwana huɗu na yi ina duba waya kamar mai jiran haihuwa. Da ya fito, jimla bakwai, rubutu shida cif, ko ɗigo babu a kai. Na tura musu lambar a tsaye a bakin ma'ajiya, saura kwana huɗu. Washegari suka tabbatar min da gurbina, da layi biyun nan nasu.

Yaya ya karɓi wayar ya duba, ya ce ashe ma raguwa na yi, da bakwai da rabi yanzu bakwai. Na ce masa wannan mai rai ce, da ita zan hau jirgi, in yana so ya riƙe min jaka. Na buga sakamakon, na sa a ambulan, na ɗauko jan birona na rubuta ranar zaman da ranar mutuwarta a baya da manyan lambobi.

Daga nan na jawo kujera na hau zan sauke firam ɗin da ke kusa da agogo, don a wajena abin da ya ƙare ɗakin baya yake tafiya. Har na ɗaga shi daga ƙusa Inna ta yi magana.

“Mayar da ita. Waccan sabuwar ki kai musu, tasu ce. Wannan ita Babanki ya gani.”

Na mayar, na daidaita ta da gefen agogo, na sauko. Biron yana hannuna, na rufe shi na sa a aljihu.