Rasit ɗin Suruki

Baba Dogo tsohon direban tirela ne, bai taɓa hawa jirgi ba sai da autarsa ta haihu, mijinta ya turo masa tikiti. Ya sauka lafiya, amma akwatinsa bai sauka ba. Ya tsaya yana kallon bel ɗin kaya har ya zagayo fayau. Wata ma'aikaciya ta kai shi teburin cigiyar kaya, ta duba 'yar takardar akwatin da aka manna masa a bayan tikitin shiga jirgi, ta rubuta rahoto, ta ba shi kwafi mai lamba.

"Baba, ka adana waɗannan. Abin da ka saya na larura kafin akwatin ya zo, ka riƙe rasit, kamfani zai biya."

A gida, surukin nasa, wanda ke aiki a kantin magani, ya ɗauko masa nasa kayan. Gajere ne, don haka wandon ya tsaya wa Baba a ƙwauri. Auta ta yi dariya har jaririn ya farka. Washegari surukin ya fita shiru, ya dawo da ledoji: riga da wando kala biyu, singileti, buroshi, sabulu, silifa, har da 'yar rediyo, don ya ji an ce tsohon ba ya karyawa sai da labarai.

Ana cikin makon aka kawo akwatin har ƙofa, ko kwarzane babu. Kowa ya manta da zancen, ban da Baba. Ɗawainiyar ta tsaya masa a rai. Yaron nan ya biya tikiti, ga hidimar mai jego, ga kuma shi ya zo ya ƙara masa kaya.

"Malam, ina rasit ɗin nan?" ya tambaye shi da safe.

Surukin ya sunkuyar da kai. "Ai Baba, ina jin na yar."

Bayan kwana biyu ya sake tambaya, aka ce masa wataƙila suna mota. Baba ya gane babu inda suka je. Kunya ce ta hana yaron ya bari a ga abin da ya kashe. Sai ya samu Auta a kicin tana wanke kwalbar jariri.

"Ke, mijinki yana zille mini. Matar nan ta filin jirgi ta ce daga ranar da akwati ya iso, mako uku ake da shi a nemi kamfani ya biya. In ya wuce, shi ke nan."

"Baba, shi fa kyauta ya yi maka."

"Na karɓa, na gode. Amma ba shi ya maƙalar da akwatina ba. Wanda ya maƙalar shi zai biya."

Auta ta shiga ɗaki, ta fito da rasit ɗin daga aljihun farar rigar aikin mijinta. Suka shimfiɗa su a teburin cin abinci, Baba yana danne gefe da babban yatsa, ita tana ɗaukar hoto da waya. Ta shiga shafin kamfanin, ta sa lambar rahoton da ta akwatin da ranar da aka kawo shi. Da aka zo kan asusun banki, Baba ya ce a sa na mijinta. Ta ce ba zai yiwu ba, sai na fasinjan.

Suna tsaka da haka surukin ya shigo. Ya ga takardun, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kama da sata.

"Zo ka zauna," in ji Baba. "Wandon nan, da zinare aka ɗinka shi?"

"Baba, tsawonka ne. Shago uku na shiga kafin na samu."

Amsa ba ta zo ba sai da Baba ya koma gida. Kamfanin ya biya tufafi da kayan wanka da silifa, ya ce rediyo ba ta cikin larura. Baba ya ce wanda ya rubuta wannan bai san tsufa ba. Ranar da kuɗin suka shigo ya sa aka tura wa surukin, ya cika na rediyon daga aljihunsa. Kafin la'asar sun dawo masa. Ya sake turawa, suka sake dawowa.

Ya kira Auta. "Ki gaya wa mijinki ni ba abokin wasansa ba ne."

"Baba, ya ce ko sau goma ka turo zai mayar."

Baba ya jiyo kukan jikansa ta cikin wayar.

"To, ba ni lambar asusunki. Ki saya wa wannan mai ihun gado. In ubansa ya isa, ya mayar da gadon."

Auta ta ce za ta turo lambar yanzu, ta kuma roƙe shi kada ya gaya wa mijin nata sai kafinta ya gama.