Wankan Sa'adiyya ta Bayan Bango

A shekarar da agana ta shigo Zongon Lome, Nasara suka kafa doka mai tsanani. Duk gidan da ciwon ya faɗa, sai a rufe shi, a dasa ɗan sanda a ƙofa, ba shiga ba fita sai ranar da dokita ya ga dama. In kuma rai ya yi halinsa, amalanken gwamnati ne zai zo ya ɗauki gawa yadda ya same ta, da wanka ko babu wanka, wannan bai dame su ba.

Haka aka rufe gidan Mato mai goro da mata biyu a ciki. Ɗaya Sa'adiyya ce, matarsa, wadda ciwon ya kama bayan Mato ya tafi Palime fatauci. Ɗayar kuwa uwarta ce, Mero, wadda ta yi agana tun tana ƙarama, don haka ta shiga jinya ba ta ji tsoro ba. Ranar wata Talata bayan azahar, Mero ta leƙo bakin ƙofa ta ce wa ɗan sanda a gaya wa Malam yarinya ta cika.

Malam Abdulwahidu, mijin Mero kuma uban mamaciya, shi ne limamin ƙaramin masallacin layinsu. Mutum ne mai ilimi, wannan ba gardama. Amma bakinsa akwai sauri, in yana ba da karatu sai ka ce jirgin Palime ne zai tafi ya bar shi. Abin da ke cetonsa hannu ne, domin duk abin da ya faɗa sai ya nuna, ya ce, "Ka gani? Haka." Da labari ya iso masa bai yi kuka ba. Ya aika kasuwar Asigame aka yanko farin alawayyo, ya haɗa da garin magarya da kafur, ya nufi gidan yana salati.

Ya roƙi ɗan sanda har da kama hannu, ɗan sanda ya ce shi ba zai sayi ɗauri da kansa ba. Abin da ya yarda da shi kawai a jefa ƙunshin ta kan katanga, ya kuma ce amalanke na nan tafe kafin rana ta yi sanyi. Tsohuwa Hajara, wadda ke wanke matan Zongo tun zamanin Jamus, ciwon nan ya riga ya tafi da ita. Mero kuwa ba ta taɓa ko tsayawa inda ake wankan gawa ba. Tsoro ya kama Malam sosai, shi da ya sallaci mutanen da bai san iyakarsu ba, kada a kai 'yarsa rami kamar kayan da aka zubar.

Ya zagaya lungun bayan gida, ya tsaya jikin bangon ɗakin. Akwai 'yar taga can sama kusa da kwano, murya na wucewa amma ido ba ya kaiwa.

"Mero, kina ji na?"

"Ina ji, Malam."

"To, ki lulluɓe ta ki tuɓe ta ki matsa cikin a hankali ki naɗe hannu da ƙyalle ki yi mata tsarki sannan alwala, kai, sannan dama, sannan hagu, da magarya, na ƙarshe da kafur, ki juya ta haka..."

Sai ya ga hannunsa yana juya iska a gaban bango. Ya sauke shi.

"Malam," in ji Mero, muryarta a dashe, "wallahi ko ɗaya ban kama ba."

Ya ja numfashi, ya dafa bangon da tafinsa. "Laifina ne. Zan faɗi abu ɗaya, ki yi, ki ce mini kin yi, sannan in faɗi na gaba. Tana kan mene ne?"

"Kan gadon kara."

"Ya yi. Ruwa fa?"

"Na jawo daga rijiya, tulu cike."

"Ɗauko zane mai tsabta, ki rufe ta daga ƙirji zuwa gwiwa. Kada ki taɓa kayan jikinta tukuna."

Ya ji motsinta, ya ji an buɗe adaka an rufe. "Na rufe."

"Yanzu ki zare kayan ta ƙarƙashin zanen."

Wannan ya ɗauki lokaci. Ya ji tana shan iska ta haƙora, ya ɗauka kuka ne, bai tambaya ba. Da ta ce ta gama, ya sa ta ɗan ɗaga kan ta danna cikin a hankali, ya sa ta naɗe hannun hagu da ƙyalle ta yi tsarki ta ƙarƙashin zane. Duk ta yi. Zuciyarsa ta ɗan kwanta, ya ga aiki ya hau hanya.

"Sai alwala. Kama hannunta na dama. Damanta, ba damanki ba. Wanne ne?"

"Wanda ke wajen bango."

"To, shi. Ki zuba ruwa, ki cuɗa."

Ihun da Mero ta yi, har ɗan sanda ya leƙo lungun. Tulu bai fashe ba, amma Malam ya ji moɗa ta faɗi tana gangarawa.

"Mero! Mene ne?"

"Fatar! Malam, fatar ta biyo hannuna! Kai ka ce in cuɗa! Na cuɗa, ga ta nan a tafina!"

Ya durƙusa a rairayi. Ya san hukuncin nan. Ya karantar da shi sau ba adadi, cewa mai agana ba a cuɗa shi, zuba ruwa ake yi, in ma ruwan zai saɓule jiki a bar shi. Amma tun da ya tsaya jikin bangon nan, 'yar da yake wankewa a ransa ita ce wadda ya gani ranar Sallah, da lalle a hannu da fata sumul. Bai ga abin da ciwon ya mayar da ita ba, kuma bai tambaya ba, domin ba ya son ya ji. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi lokaci ɗaya.

"Mero," ya ce, "ba ki yi laifi ba, ni na yi. Ni ba na gani, ke ce idona. Gaya mini yadda jikin yake, kada ki rage mini komai."

Can daga bakin teku ya ji jirgin ruwa yana busa. Sannan ta fara, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Ta ce ƙurajen sun haɗe sun zama ɗaya, babu inda za ka sa yatsa. Ta ce rigar ma da ta zare ɗazu da fata ta fito, ta yi shiru ne don kada ta ɗaga masa hankali. Ta ce fuskar ta kumbura, in ba don wushiryar ba ita kanta ba za ta shaida ta ba. Malam ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa.

"Inda ruwan ya zuba ba ki taɓa ba, yaya ya yi?"

"Ya ɗaga fatar. Tana tattarewa."

"To, ajiye ruwa. Taimama za ki yi mata."

"Taimama? Malam, 'yata za ta tafi ba wanka? Ta haɗu da Ubangijinta da ƙasa kawai?"

"Ita ce wankanta, Mero. Na rantse miki da Allah ba sauƙi nake nema ba. Haka shari'a ta ce ga mai irin jikinta, kuma ya cika, babu abin da ya ragu. Kin yarda da ni?"

"Ɗazu ma na yarda da kai."

Maganar ta soke shi. "Gaskiya ne. Wannan karon duk abin da na faɗa, ki maimaita mini kafin ki yi. In kin ga zai cutar da ita, ki ce a'a."

Ya sa ta wanke hannunta ta shanya, ta je tsakar gida inda ba a taka ba ta ɗebo busasshen rairayi a faranti.

"Ki ce bismillahi, ki ɗora tafukanki biyu a kan rairayin, ki ɗaga ki kakkaɓe."

"In ɗora, in ɗaga, in kakkaɓe. Na yi."

"Ki shafa fuskarta daga matsirar gashi zuwa haɓa, sau ɗaya. Kada ki danna. Yadda kike shafa fuskar jariri mai barci."

"Daga gashi zuwa haɓa. Ba dannawa."

Ya kasa kunne jikin bango. Da ya kira ta, ta amsa da kuka sosai.

"Malam, ka san tun da aka yaye ta aka kai wa gwaggonta ban sake taɓa fuskarta ba? 'Yar fari ce, ana kunya. In ta gaishe ni sai in kau da kai. Yau ga shi na taɓa."

Malam ya kifa goshinsa a bango. Shi ma bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba. Ya bar ta ta yi kukanta, ko da yake kunnensa na can bakin layi yana sauraron ƙarar ƙafar amalanke. Da ta lafa, ya sa ta sake ɗora tafi a rairayi, ta shafa hannun dama tun daga yatsu har gwiwar hannu, sannan na hagu. Ta maimaita, ta yi.

Likkafani ma bi da bi suka yi shi. Ta yago tsumma uku daga gefen alawayyon ta shimfiɗa su a tabarma, ta baza ƙyallen a kai, ta barbaɗa kafur. Ya ce ta kama ta ta kafaɗa ta sauko da ita, Mero ta ce a'a, kafaɗar ba za ta ɗauka ba, da zanen shimfiɗa za ta jawo ta. Ya ce ta fi shi gani, ta yi haka. Ta naɗe, ta ɗaure ƙafa, ta ɗaure tsakiya.

Daga bakin layi aka ji ƙarar ƙarfe da muryoyin maza. Ɗan sanda ya leƙo ya ce masu amalanke sun iso, ya ce kuma zai sa su tsaya a bakin lungu, Malam ya sallaci gawar daga nesa.

"Mero, saura kai. Ki rufe fuskar, ki ɗaure."

"Ka ba ni kaɗan."

"Na ba ki."

Ya tsaya yana jin numfashinta ta taga. Can ya ji ƙyalle ya motsa.

"Na ɗaure," ta ce. "Sai me kuma, Malam?"

Ya buɗe baki, ya laluba duk karatun da ke kansa ko zai sami wani abu da zai ba hannunta ta yi, bai samu ba.

"Shi ke nan, Mero. Kin gama mata komai. Ki buɗe musu ƙofa."