Ruwan da Baba Bai Sha Ba

Da wani direba ya san inda ruwan kwalbar mahaifinsa ya tafi, da abin da ya faru a daren bai kai inda ya kai ba. Amma ya gan ta babu ko ɗigo, sai hankalinsa ya kwanta.

Kwana huɗu ke nan ana zafin da ko dare ba ya sassautawa. Gidansu a hawa na ƙarshe yake, rufin kankare ya wuni yana shan rana, da dare kuma ya juye musu ita a ka. Mahaifinsa, ɗan shekara tamanin da ɗaya, tsohon mai gasa burodi, yana kwana a ƙaramin ɗakin da tagarsa ke kallon yamma. Da direban ya kwantar da yara ya leƙa shi, agogon bangon da ke nuna zafin ɗaki ya rubuta digiri talatin da uku. Ƙarfe sha ɗaya ta wuce.

"Baba, mu koma falo, ya fi nan iska."

"Ku ’yan yanzu man shanu ne, rana kaɗan kun narke," in ji tsohon. "Shekara talatin ina bakin tanda. Ni ba na jin wani zafi."

Ga fanka tana juyawa, ga taga a buɗe, amma zuciyar direban ta ƙi zama. Ya fita baranda ya kira ƙanwarsa, wadda take aikin jinya a asibiti.

"Auta, talatin da uku a ɗaki, akwai matsala?"

"A gare ka, Yaya, gumi ne da rashin barci. A wurin Baba kuwa hatsari ne. Tsoho ba ya gumi kamar mu, ƙishirwa ma ba ta zuwar masa da wuri. Ga maganinsa na hawan jini mai sa fitsari, ga kwana huɗu jiki bai huce ba. Yana shan ruwa?"

"Ya shanye kwalba guda."

"Yaushe rabonsa da banɗaki?"

Bai sani ba. Matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai.

"Baban yara, tun rana ban ji ƙarar sandar Baba ba. Kuma tukunyar furen da ke tagarsa kullum a jiƙe take, ni dai ba na ba ta ruwa."

Sai direban ya tuna. Watan jiya tsohon ya zame da dare a hanyar banɗaki, surukarsa ce ta ɗaga shi, ya yi kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ita. Ashe tun daga ranar, da zarar yamma ta yi sai ya daina shan ruwa don kada fitsari ya tashe shi, furen ke shanye rabonsa.

Direban ya koma ɗakin da gudu, wayar na kunnensa. Ya taɓa goshin Baba, zafi zau, kuma a bushe. Tsohon ya ƙura masa ido kamar baƙo.

"Kai, fito da burodin nan, zai ƙone."

"Ya ruɗe ke nan," in ji Auta ta waya, muryarta ta canja. "Matarka ta kira motar asibiti yanzu. Kai kuma fitar da shi daga ɗakin, cire masa riga, jiƙa masa jiki da ruwan sanyi. Tawul a wuya da hammata, kana canjawa, fanka tana bugun fatar a jiƙe. Fanka ita kaɗai ba ta isar masa. In yana haɗiya sosai ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in ba ya yi kada ka ɗura."

Ya sungumi mahaifinsa, ya ji ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara tsorata shi. A kan tayil ɗin falo ya durƙusa yana matse tawul, ruwa na bin gwiwoyinsa. Baba ya kurɓi ruwa sau uku, a na huɗu ya kau da kai, har cikin ruɗewar yana cewa kada a tashi yarinyar mutane, wato surukarsa.

"Sha, Baba. Ni zan riƙa raka ka, ko sau goma ne."

Kafin asuba tsohon yana gadon asibiti, ana ƙara masa ruwa ta jijiya. Zafin jikin ya sauka, yana barci. Likita ta ce sai sakamakon jini ya fito za a san ko ƙodarsa ta taɓu. Direban na zaune a bencin waje da jiƙaƙƙen wando. Bai san abin da gwajin zai nuna ba, bai kuma san ko Baba zai gane shi in ya farka ba.