Saukar Inna Cima a Greensboro

Ko ƙofar mota Barira ba ta gama buɗe wa mahaifiyarta ba, ta hango takalma jibge a bakin gidansu, na maza da na mata har kan matakala. Ranta ya ɓaci nan take. Ta juya ta dubi mijinta Lawali, shi kuwa ya sunkuya yana ta kiciniyar fito da akwati kamar bai san zancen ba.

"Baban Sadiya, su wa ke cikin gidana?"

"'Yan uwa ne. Na ɗan sa a waya cewa Inna ta sauka lafiya, kuma na bar wa Hajiya Gambo makulli. Mene ne laifi a ciki?"

Wai ya ɗan sa a waya! Mutumin da tun ranar da aka ba shi shugabancin ƙungiyar 'yan Nijar na Greensboro ko mura ya yi sai duniya ta ji. Ga zaɓe ya matso, ga suruka daga Tasawa, ai dole ya tara jama'a su ga yadda yake riƙon zumunci.

Ita kuwa tsohuwar, Inna Cima, tun daga Tasawa take zaune. Ta zauna a mota har Yamai, ta zauna a jirgi, ta kwana kan kujera a filin jirgin Turkiyya, ta sake zama a wani jirgin har Washington, sannan motar Lawali ta kwashe su rabin yini. A hanya ta ba Barira labari tana dariya, wai ko sau ɗaya ba ta tashi ba a babban jirgin, don wani ƙaton Bature ne ya tare mata hanya yana barci, ta ji nauyin tada shi. Ruwa ma ƙin sha ta yi kada fitsari ya kama ta.

Kowa a cikin falon nan ya san yadda ake karɓar baƙon da ya yi doguwar tafiya, babu wanda aka haifa a Amurka a cikinsu. Mutanen gida su ce masa sannu da zuwa, a shimfiɗa masa, a kawo ruwa ya sha kafin a ce komai. Sai ya ajiye kofi sannan a gaisa: an zo lafiya, ya hanya, ya aka baro mutanen gida. Daga nan a kai masa ruwan wanka, ya ci abinci, a ja masa ƙofa. Maƙwabta da dangin nesa sai washegari suke zuwa ban gajiya, lokacin da baƙo ya yi barci ya dawo hayyacinsa. Amma washegari Litinin ce. Wannan yana da aikin kamfanin kaji, wancan yana tuƙin kaya, waccan tana da kitso a shago. Shi ya sa suka haɗa sannu da zuwa da ban gajiya suka zo su sauke a yini ɗaya, su huta. Gajiyar tsohuwa kuwa ita ta sani.

Inna Cima na sa ƙafa a falo aka ɗauki sannu ta ko'ina. Barira ta kama hannunta za ta wuce da ita ɗaki, tsohuwar ta zame.

"Haba Auta, mutane sun taso domina in shige in bar su? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

Aka zaunar da ita kan doguwar kujera. Barira ta kutsa ta kawo ruwa, amma kafin kofin ya kai bakin Inna, Hajiya Gambo ta riga ta gurfana, turarenta ya cika falon.

"Inna barka da sauka! Sannu da hanya."

"Yawwa, sannu 'yar nan."

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya aka baro mutanen gida?"

"Duk lafiya, suna gaishe ku."

"Muna amsawa. Ya damina? Ya su Malam? Sannu, sannu. Allah ya huta gajiya."

"Amin, na gode."

Ta ja gefe, idonta na kan akwatin da Lawali ya ajiye. Na bayanta ya durƙusa ya ɗauko daga farko, kalma ɗaya bai rage ba. Kofin yana hannun Inna, duk sa'ad da ta ɗaga shi sai wani ya ce ina gajiya, ta sauke ta amsa. Barira ta tsaya jikin bango tana kallonsu, ta ji duk sun fice mata a rai. Babu wanda ya dubi fuskar tsohuwar a cikin masu tambayar. Wani yana gaisuwa yana leƙen waya, wani ya kawo kansa kusa da nata ana ɗaukar hoto, a aika gida a ce ga shi ya je gaida Inna. Ai amsar ma sun san ta tun kafin su tambaya. Baƙo ba ya cewa ya gaji, ko da jan ciki ya iso.

Gaisuwa na ƙarewa sai ainihin abin da ya kawo su ya fito. Wata ta tambaya ko gwaggonta ta Maraɗi ta ba da saƙo. Wani ya ce yana fata dai an zo da daddawa, ta nan ba ta da ƙamshi. Hajiya Gambo ta ce, "Inna, kilishin fa? Yara tun jiya suke zancen."

"Sun karɓe a filin jirgi, 'yar nan. Wai nama ba ya shiga."

"Kash! Ai da an naɗe shi cikin zannuwa." Nan fuskarta ta nuna jimami na gaske, irin wanda ba ta nuna ba da take tambayar gajiya.

La'asar ta yi, wasu suka tafi, wasu suka shigo. Lawali yana bakin ƙofa da babbar riga yana tarbar mutane, bakinsa ya ƙi rufuwa. Barira ta durƙusa don ta cire wa Inna takalmi ta yi alwala. Na dama ya fita. Na hagu ya ƙi, sai da ta ja da ƙarfi, Inna ta ɗan cije leɓe. Barira ta ɗaga gefen zanen. Ƙafar ta kumbura tun daga idon sawu har gwiwa, ta yi sulɓi tana ƙyalli, da ta taɓa sha-raɓar sai ta ji zafi rau.

"Inna, tun yaushe?"

"Rufe mini ƙafa, ga maza. Zama ne, gobe za ta saɓe."

Ta faɗi haka ne a gutsure, tana jan numfashi tsakanin kalmomi. Sai yanzu Barira ta lura da zufar da ta jiƙa bakin kallabinta, ga na'urar sanyi tana ta aiki. Hannunta ɗaya kuma yana dafe ƙarƙashin ƙirji, a ɓoye cikin mayafi. Nan Barira ta tuna wani abu. An taɓa kwantar da wata abokiyar kitsonta 'yar Togo bayan ta dawo daga gida da ƙafa irin wannan, likita ya ce jini ne ya daskare saboda dogon zama, kuma in ya ɓalle ya hau huhu ba ya jira.

Ta ja Lawali zuwa kicin.

"A sallami mutanen nan. Inna ba ta da lafiya, asibiti za mu."

"Subhanalla! Me ta ce yana damunta?"

"Ba ta ce ba. Ka je ka ga ƙafarta, ka ji numfashinta."

"To ai ni da kaina na gaishe ta, ta ce lafiya lau. Kowa ya tambaye ta, a gabanki ta ce babu gajiya. Ke kin fi ta sanin jikinta ne?"

"Me kake so ta ce? Ta dubi surukinta ta ce ƙirjinta na ciwo?"

"Ki bari a yi magariba mana. Alhaji Jadi yana hanya tun daga High Point, shi da mutanensa. Dattijo ya taso in ce masa ya koma? Da wane ido zan dube shi?"

Barira ta dube shi tun daga hula har takalmi. Shekarun da ta yi da mutumin nan ba ta taɓa ganin ƙanƙantarsa kamar yau ba. Ƙuri'un mutanen Alhaji Jadi yake lissafi, uwarta na can tana kokawa da numfashi. Ta ɗauki waya ta kira motar asibiti a gabansa.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida da jiniya, sai falon ya kaure. Masu ba da shawara suka tashi. A shafa man zafi. A ba ta fura mai sanyi, yunwa ce. Hajiya Gambo ta ce ita fa tun shigowar Inna ta ga alamar ba daidai ba, kawai dai ba ta so ta yi magana ne.

"Hajiya, matsa mini," in ji Barira. "Tsarabarku na cikin akwati, in mun fita ku fasa."

"A'a! Barira, ni kike faɗa wa haka?"

"Ke da duk wanda ya ji."

Ma'aikata biyu suka shigo, mace da namiji. Suka maƙala wa Inna wani abu a yatsa, suka dubi juna, nan da nan suka sa mata abin shaƙar iska a fuska suka ɗora ta kan gadon da ake turawa. Inna tana ta jan mayafi tana rufe ƙafa, tana harar 'yarta. Kunya ta ishe ta, an fitar da ita a kwance gaban mutanen da suka zo gaishe ta.

A tsakar farfajiya suka yi karo da Alhaji Jadi, ya fito daga mota yana gyara hannun riga. Ya ga gado, ya ga motar asibiti, ya ga abin da ke fuskar tsohuwar. Amma mutum ya tuƙo mota tun daga High Point da gaisuwa a bakinsa, ina zai kai ta? Ya bi gadon da sauri yana rusunawa.

"Inna barka da sauka. An zo lafiya? Ina gajiya?"

Wallahi sai da Inna Cima ta sa hannu ta ɗaga abin shaƙar iskar.

"Babu gajiya, Alhaji. Ya iyali?"

Ma'aikaciyar ta mayar mata da shi. Aka tura gadon ciki, aka bar Barira ta hau ta zauna gefe don ta yi tafinta. Lawali ya riƙe ƙofar yana raɗa.

"Yanzu me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu Allah ya huta gajiya, sun sha hanya."

Aka rufe ƙofa, motar ta tashi. Barira ta riƙe hannun uwarta, ya yi sanyi. Ma'aikaciyar ta ce a tambaye ta inda ke mata ciwo. Inna ta juya ido ta duba dama, ta duba hagu, ta tabbata babu sauran mai gaisuwa. Sannan ta jawo 'yarta kusa, Barira ta kai kunne bakin abin shaƙar iskar.

"Auta," in ji ta, "na gaji."